Ƙidayar kwalabe da gano ɓeraye a kantin lemo da mashaya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu kantin abin sha a Garwa da Marwa da Ngawundare ke ta maimaita mini, wasu ma daga Injamena. Ni lemo da ruwa nake sayarwa, amma na yi shekaru ina riƙe wa masu mashaya littafi, kuma lissafin ɗaya ne. Farashin da za ku gani a ƙasa misali ne kawai, kowa ya sa nasa.

Kanti na cika da mutane kullum, amma ƙarshen wata ba na ganin kuɗi. Daga ina zan fara?

Fara da ƙidaya, kada ka fara da zargi. Yawancin masu wannan kuka kuɗin da ke cikin akwati kaɗai suke ƙirgawa da dare, su ga jaka arba'in, su ce alhamdu lillahi. To, jaka arba'in ɗin nan na kwalba nawa ne? In ba ka san abin da ya fita daga firigo ba, ba ka da abin da za ka gwada kuɗin da shi.

Abu uku ake ƙirgawa a kantin abin sha: kwalabe masu ciki, kwalaben wofi, da kuɗi. Kowanne shaida ne a kan sauran biyun. Yaro zai iya gyara ɗaya, mai wayo zai iya gyara biyu, amma da wuya ya daidaita ukun kullum har tsawon mako biyu ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Yaushe ake ƙidaya, kuma wa zai yi?

Kullum, a lokaci guda: ko da dare bayan an rufe, ko da sassafe kafin a sayar da kwalba ta farko. Na fi son safiya, don da dare kowa ya gaji kuma sau da yawa an ɗauke wuta, ana ƙirge da fitilar waya. Mutum biyu ne za su yi, mai riƙe da kanti da wani wanda ba ya taɓa kuɗi, su sa hannu a shafin. In masu aiki biyu ne ke karɓa-karɓa, a ƙirga a lokacin miƙa mabuɗi, in ba haka ba ranar da aka sami giɓi kowa zai nuna ɗan uwansa.

Yaya ake tsara littafin?

Littafin makaranta mai shafi ɗari biyu ya isa, a rubuta lamba a kan kowane shafi tun ranar farko don kada wani ya yage. Da biro ake rubutu, ban da fensir, kuma kuskure layi ɗaya ake ja masa a bar shi ana iya karantawa. Kowane irin kaya da layinsa: babbar Top daban, ƙarama daban, Malta daban, ruwan Tangui daban, kowace giya da sunanta da girmanta. Kada a haɗa su a ce "lemo", domin a nan ne ake ɓoye mai tsada a bayan mai araha.

A gaban kowane layi akwai gida biyar: abin da aka kwana da shi, abin da ya shigo yau, abin da ya rage, abin da ya fita, da kuɗinsa. Abin da aka kwana da shi a haɗa da wanda ya shigo, a cire wanda ya rage, shi ne abin da ya fita. Da ɗai-ɗai ake rubutawa, ba da kaziye ba. Kaziyen manyan kwalabe 12 yake ci, na ƙanana 24, saboda haka "kaziye biyar da rabi" ba lissafi ba ne. A ƙasan shafi a bar wuri don abin da ya fita ba kuɗi: wanda ya fashe, wanda mai gida ya sha ko ya ba baƙo, da bashi.

A nuna mana lissafin yini ɗaya daga farko har ƙarshe.

Mu ɗauki babbar kwalbar lemo a kan sefa 500. Da safe akwai kaziye 5 a sito, wato kwalba 60, da 34 a firigo, jimla 94. Da hantsi aka kawo kaziye 4 daga defo, kwalba 48, suka zama 142. Da aka rufe an tarar da kaziye 6 a sito, 72 ke nan, da 19 a firigo, jimla 91. Abin da ya fita 51. A cikinsu ɗaya ta fashe, biyu mai gida ya ba baƙinsa, huɗu bashi ne. Saura 44, kuɗinsu 22,000. Ƙananan kwalabe 39 suka fita a kan 300, wato 11,700. Ruwa gora 24 a kan 400, wato 9,600. Cinikin yini ya kama 43,300.

Yanzu sai akwati. Da safe an bar canji 5,000 a ciki, kuma wani ya biya tsohon bashi 1,500. An kashe 1,000 a ƙanƙara, 500 ga mai kura da ya kawo kaya. Idan aka haɗa aka cire, 48,300 ya kamata a gani. Daga ciki 6,000 ta waya aka biya, to takarda da silalla su zama 42,300. Aka ƙirga aka sami 40,800. Giɓin 1,500.

A nan ne masu kanti ke yin garaje. 1,500 tana iya zama manyan kwalabe uku, tana iya zama ƙanana biyar, kuma ita ce daidai kuɗin tsohon bashin nan. Irin wannan ya faru a kantina. Na ce wa yaron, ɗan ƙanwata ne, "Wane, bashin mai gyaran babur da ka rubuta an biya, a hannu ka karɓa?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, a wayata ya turo, na manta ban faɗa ba." Wataƙila mantuwa ce, wataƙila ba ita ba ce. Ban tsaya bincike ba, na karɓi kuɗin, kuma daga ranar na hana karɓar kuɗin kanti a layin kowa (duba tambayar biya ta waya).

Me ya sa kuke nacewa a kan kwalaben wofi? Ai shara ce.

Ba shara ba ce, jari ne. A Kamaru da Cadi kwalbar gilas da kaziyenta kuɗin ajiya ke kansu, abin da ake kira konsin, kuma defo ba ya ba ka mai ciki sai ka miƙa wofi ko ka biya kuɗinta. Motar kamfanin Boissons du Cameroun, wanda tsofaffi har yau Barasari suke ce masa kuma yana da masana'anta a nan Garwa, kaziye da kaziye take musanyawa. Amfanin wannan gare ka shi ne adadin kwalabenka ba ya canzawa. In kana da kaziye 15 na manya, kwalba 180 gare ka yau da gobe da jibi, ko cike ko wofi.

Koma kan misalin da ke sama. An rufe da 91 masu ciki, to wofi 89 ne, a cire wadda ta fashe, saura 88. In ka tarar da 80, takwas sun fita daga kanti: ko an ba masu saye sun tafi da su gida ba a karɓi kuɗin ajiya ba, ko an karɓa an sa a aljihu, ko an sayar da su. Wannan asara ce da ba ta taɓa bayyana a akwati, sai ranar da mota ta zo ka ga kaziye biyu ba su cika ba. Maganinta shafi guda a bayan littafi: sunan wanda ya tafi da kwalba, nawa ya ɗauka, nawa ya ajiye.

In kuwa ka tarar da 100, wato wofi sun fi yadda ya kamata, to wannan ya fi muni, kuma shi ne tambaya ta gaba.

Kaya sun daidaita, kuɗi sun daidaita, amma ciniki sai raguwa yake. Sata ce?

Tana iya zama wadda ta fi kowace wuyar ganewa. Mai tsaron kanti ya sayo kaziyensa da kuɗinsa, ya shigo da shi, ya sanyaya a firigonka da wutar da kake biya, ya sayar wa masu sayenka a kan kujerunka, ya ɗauki ribar. Bai taɓa kwalbarka ko ɗaya ba, shi ya sa littafi yake fitowa tsaf. Abin da ya sace shi ne kasuwarka.

Alamarta ta farko wofin da suka yi yawa, domin ba kullum yake samun damar fitar da nasa kafin ƙidaya ba. Ta biyu, ranar da ka wuni a kanti ciniki ya haura, ranar da ba ka nan ya faɗi, alhali maƙwabta na ce maka wurin ya cika. Ta uku, mai kura yana zuwa a lokacin da ba ka aika ba. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce ka sa ɗigon fenti ko jan farce a gindin kowace kwalba ranar da kaya suka shigo, ba tare da ka faɗa wa kowa ba. Bayan kwana biyu ka zo da la'asar ka buɗe firigo. Kwalbar da ba ta da ɗigo ba taka ba ce. Akwai kuma kwanan wata da lambar da kamfani ke bugawa a jikin kwalba ko marfi: kayan da suka zo tare yawanci lambarsu ɗaya ce, baƙuwa tana fita daban.

Kafin ka yanke hukunci ka tuna da lokaci. Cinikin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Garwa ke wuce digiri 40, ba shi ne cinikin Agusta ba. A watan azumi kantin lemo yini yake a mace, ya farfaɗo bayan magariba. Ka gwada Talata da Talata, ƙarshen wata da ƙarshen wata.

Ta yaya ake yaudarar mai ƙidaya a sito?

Da tsayin jeri. An jera kaziye shida, na sama biyu cike, na ƙasa akwai ramuka ko wofi ne gaba ɗaya. Mai gida ya zo ya ƙirga da ido, shida sau goma sha biyu, ya rubuta 72. Wani kuma ya sha, ya mayar da marfin ya danna, ya cusa kwalbar a tsakiya, wani lokaci da ruwa a ciki. Sau ɗaya a mako a sauke jerin duka, a ɗaga kowane kaziye a ji nauyinsa, a bi marafe da yatsa. Marfin da mabuɗi ya taɓa yana da ɗan lanƙwasa a tsakiya kuma yana juyawa. Haka firigo mai kwance: na ƙasa can su ake mantawa, a kwashe su a ƙirga.

Kullum ana ce mini kwalba ta fashe. Yaya zan gane gaskiya?

Kwalba tana fashewa, musamman in an cusa ta a injin ƙanƙara don ta yi saurin sanyi bayan an dawo da wuta, aka manta da ita har ta daskare. Sharaɗin ɗaya ne: a ajiye maka wuyan kwalbar da marfinta a rufe. Wadda ta fashe da abinta a ciki marfinta na nan daram. Wadda aka sha sannan aka fasa ba ta da shi. Ka karɓi wuyan ka tafi da shi, don kada a sake nuna maka shi jibi.

Bashi fa? Ba zan iya hana maƙwabta ba.

Ba a hana ba, amma bashi shi ne babban maɓoyar giɓi. Yaro ya ɗauki 2,000, ya rubuta "Malam Wane, kwalba huɗu", ya san ba za ka je ka tambayi dattijo kuɗin lemo ba. Ko kuma a biya shi bashin ya ƙi sokewa, sai ranar da ka yi wa mutumin magana ya ce ai ya biya tun sati biyu, ku ɓata a banza.

Ka rubuta sunayen waɗanda ka yarda a ba su, da iyakar kowa. Wanda ba ya cikin jerin, in an ba shi, a wuyan wanda ya bayar yake. Kowace Juma'a ka zaɓi mutum biyu ka tuntuɓe su cikin raha: "Alhaji, an ce naka ya kai jaka uku, haka ne?" Ba sai ka bi kowa ba. Ya isa yaro ya san kana tambaya, kuma bai san wa za ka tambaya ba.

Wani abu da masu kanti ba sa son ji: kai ma ka rubuta naka. Mai gida ya zo da abokai ya buɗe huɗu, uwargida ta aiko a ba da shida don baƙi, ƙane ya ɗebi 1,000 na mai. In ba a rubuta ba, giɓin a kan yaro zai faɗa, kuma yaron da aka caje shi abin da bai ci ba, gobe zai ci don ya rama.

Biya ta waya ta rikita mini lissafi. Me zan yi?

Layi ɗaya na kanti, na Orange Money ko MoMo, a Cadi kuma Airtel Money ko Moov, a manna lambar a bango inda kowa zai gani. Lambar sirri a hannunka take, yaro saƙon shigowar kuɗi kawai yake gani. Da dare ka duba abin da ke cikin asusun da kanka ka gwada da littafi, kada ka dogara da saƙon da mai saye ya nuna a wayarsa, don ana ƙirƙirar na bogi. Ka kuma hana canza wa mutane kuɗi daga akwati, wato a turo ta waya a karɓi takarda, sai in an rubuta, domin yana sa jimla ta daidaita amma ba ka san wanne ne ciniki ba.

Idan mota ko mai kura ya kawo kaya, me ake dubawa?

Faktir, wato takardar lissafin kayan, a hannu, a ƙirga a ƙasa kafin a shigar sito, kuma kafin a miƙa wofi. A duba iri da girma, don ana iya rubuta mai tsada a sauke mai araha. A ƙirga wofin da aka ba da, a rubuta a littafi. Faktir kuwa a adana shi ko da ya yi maiƙo: da shi ne za ka san ainihin abin da aka saya, kuma in kana da rajista da kamfani, rangwamen da ake tara maka bisa yawan kaziyen da ka ɗauka, ristun ɗin nan, da shi za ka bi sawunsa. Na san mai mashaya da bai taɓa sanin yana da irin wannan kuɗi ba, mai riƙe masa wuri ne ke karɓa.

A lokacin garaɓasar marfi, sa'ad da ake cin kwalba kyauta a ƙarƙashin marfin giya, marfin da ya ci daidai yake da kuɗi. Kwalbar da ta fita da marfi sai an rubuta ta a gidanta daban, a ajiye marafen a gwangwani mai kulle a ƙirga su tare da akwati. In ba haka ba za a sayar da kuɗi a ce da marfi aka karɓa.

Abin da ake tsiyayawa fa, kamar wiski ko zoɓo? Ba a ƙirga shi da kwalba.

Ana ƙirga shi da mudu. Kwalbar santilita 75, in ma'aunin gidan santilita 5 ne, sau 15 za ta bayar. Ka ba da izinin ɗaya don zubewa, 14. In littafi na nuna 10 ko 11 a kowace kwalba, ko ana cika wa abokai hannu, ko ana sayarwa ba a rubutawa. Ka sami siririn katako, ka zuba ruwa ma'auni-ma'auni a kwalbar wofi irin wannan, kana yi wa katakon alama a kowane mataki. Da dare sai ka jingina shi da kwalbar da aka buɗe ka karanta saura nawa. Kowane fasalin kwalba da katakonsa. In kuma kwalba ta ba da 18, ruwa aka ƙara, ko an ɗura wani abu mai araha a ciki, kuma wannan ya wuce asarar kuɗi, yana iya cutar da mai sha.

Zoɓo, wanda a nan folere muke ce masa, da lemon citta da kindirmo, robobi ake ƙirgawa kafin a ɗura. Ka san tukunyarka roba nawa take cikawa, ka miƙa su a ƙirge da safe, da dare a dawo maka da kuɗi ko da roba cike.

Giɓi nawa ne za a iya haƙura da shi?

A kwalabe, babu. Kwalba ba ta ƙafewa. A kuɗi kuwa, da matsalar canjin da muke fama da ita, sefa 100 ko 200 sama ko ƙasa ba abin faɗa ba ne. Abin dubawa shi ne alkiblarsa. Kuskuren gaskiya yau ƙasa yake, gobe sama. Wanda kullum ƙasa yake, ko kullum a ranar aikin mutum ɗaya, ba kuskure ba ne. Rarar kuɗi ma ba abin murna ba ce: in akwati na yawan haura littafi, ana ƙara wa baƙi farashi ko ana danne musu canji, kuma abin da ka gani ragowar da ba a kai ga cirewa ba ce. Allon farashi babba a bango yana rage wannan.

Na tabbatar ana ɗiba. Yaya zan yi da yaron?

Ka tara shafukan kwana goma ko mako biyu tukuna. Sannan ka zaunar da shi a keɓe, da shaida ɗaya, littafi a buɗe, ka bar shi ya yi bayanin kowane giɓi. Wani lokaci a nan ne za ka gano ƙanenka ne ke zuwa da rana. Kada ka yi masa ihun ɓarawo a bakin titi, kowa ya san yadda taron jama'a ke ƙarewa, kada kuma ka kulle shi ko ka sa a doke shi, laifin zai dawo kanka.

In ya amsa, a rubuta adadin da yadda zai biya, ya sa hannu, shaida ya sa. In ɗan uwa ne, wanda ya kawo maka shi ya zauna a wurin. Ka sani dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta hana mai gida cin tarar ma'aikaci, kuma yankan albashi yana da ƙa'idojinsa, saboda haka in ma'aikaci ne mai albashin wata kuma kuɗin da yawa, ka je ofishin sufeton ƙwadago ka ji yadda ake yi kafin ka taɓa albashinsa ko ka sallame shi. Ranar da zai tafi a yi ƙidaya cikakkiya a gabansa, masu ciki da wofi da shafin bashi, a canza kwado da lambar sirrin waya kafin sabon yaro ya karɓi mabuɗi.